Lambar 200 ba shaidar gaskiya ba ce

Tun jiya da daddare nake karanta yadda ake kare samarin nan da suka haɗa wa ƙungiyar adashin 'yan kasuwarmu manhajar tantance bashi, kuma wallahi raina ya ɓaci. Kowa maganarsa ɗaya: "Ai sabar ba ta faɗi ko sau ɗaya ba." Na ji, ba ta faɗi ba. Kwana 19 ta yi a tsaye tana raba amsar da ba daidai ba, kuɗin matan da ke zube da tumatir da albasa a rana daga Aboabo har Kejetia a nan Kumasi yana zurarewa, ku kuma kuna duba allo kuna ganin kore. Tsayuwar sabar daban, gaskiyar amsa daban. Zan maimaita wannan har ku gaji da ni.

Ni aka kira na duba abin bayan ta riga ta faru, don haka ba ji na yi a shayi ba. Ga yadda aka gina shi. An horar da model, wato shirin da ke koyon hasashe daga bayanan baya, da scikit-learn a kan tarihin zubin 'yan adashi, an adana shi da joblib, an ɗora shi bayan FastAPI da ƙofa ɗaya, `/predict`. Manhajar wayar masu karɓar zubi tana aika adadin zubin mutum na mako da yawan makonnin da ya yi yana zubi, API, wato shirin da ke karɓar buƙata a sabar ya mayar da amsa, ya dawo da maki tsakanin 0 da 1, wanda makinsa ya haura 0.6 a ba shi bashi. Ginin nan ba shi da laifi. Sun ma loda model ɗin sau ɗaya lokacin da sabar ke tashi, ba a kowace buƙata ba, abin da masu koyo da yawa ke kuskurewa. Na yaba musu a nan, da zuciya ɗaya.

Abin da ya faru shi ne, an horar da model ɗin da sidi, kuɗinmu na Ghana. Zubin mutane a bayanan horo yana tsakanin sidi 20 zuwa 2,000 a mako, na tsakiya kuwa sidi 150. Sai mai kula da manhajar waya ya sabunta ta domin ta yi daidai da hanyar biyan momo, wato kuɗin waya, da suka ɗauka, wadda ke lissafi da pesuwa, kamar yadda hanyoyin biya da yawa suke yi don guje wa ɗigo a lamba. Sidi ɗaya pesuwa 100 ne. Daga ranar, baiwar Allah mai zubin sidi 150 ta koma 15,000 a idon model. Babu abin da ya fashe, domin 15,000 lamba ce kamar yadda 150 take lamba. API ya karɓa, model ya lissafa, amsa ta fita da `200 OK`, lambar da sabar ke bayarwa don ta ce buƙata ta tafi lafiya.

Kuma irin model ɗin da suka yi amfani da shi, `RandomForestClassifier`, tarin bishiyoyin tambaya ne: zubinta ya wuce kaza? In e, bi nan, in a'a, bi can. Idan ka ba shi lambar da ta zarce duk abin da ya taɓa gani, ba zai yi ihu ba, ba zai ce bai gane ba. Zai bi reshen ƙarshe kawai, inda manyan 'yan kasuwa suke, ya ba ka amsarsu. Shi ya sa mai tallan ƙosai da ta fara zubi wata biyu da suka wuce ta fito da maki kusan irin na Alhajin da ke sauke tirelar albasa daga Nijar. A da, cikin masu neman bashi 10, kusan 4 ake amincewa. A kwanakin nan 19 ya koma 9. Babu wanda ya gani, domin babu wanda ke ƙirgawa.

Wa ya gano? Wata Hajiya da ta shekara sama da ashirin tana karɓar adashi da littafi da biro. Ita ta kira shugaban ƙungiya ta ce, "Alhaji, wannan yarinyar da kuka ba bashi, na san jarinta, bai kai rabin abin da kuka ba ta ba. Na'urarku lafiya take kuwa?" Aikin da Hajiya ta yi da ido da sanin mutane, shi ne aikin da ya kamata API ɗinku ya yi tun ranar farko.

Yanzu sai wani ya rubuto mini cewa model ɗin ya ci kashi 90 da wani abu a gwaji. Ƙanena, wannan makin na bayanan da ke kwamfutarka ne, masu sidi. Ba ya cewa komai game da abin da waya ke aikowa yau. Wani kuma ya ce suna da `/health`, ƙofar duba lafiyar sabar, da ake bugawa kowane minti. Na buɗe shi na gani: layi ɗaya ne da ke dawo da `ok`, ko taɓa model ba ya yi. Kamar ka leƙa shago ka ga mai shago a zaune, ka koma ka ce ciniki lafiya, alhali sikelinsa ya karkace. Masu cewa laifin mai manhajar waya ne kuwa, ba ni da lokacinsu. E, ya canza abu bai faɗa ba. Gobe wani zai sake yi. Ƙofarka ce, kai ke da alhakin duba abin da ke shigowa ta cikinta.

Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, gyaran farko bai kai layi biyar ba:

```python
from pydantic import BaseModel, Field
class Bukata(BaseModel):
    zubi_sidi: float = Field(gt=0, le=5000)
    makonni: int = Field(ge=4, le=520)
```

Da wannan, duk buƙatar da zubinta ya wuce 5,000, FastAPI da kansa zai mayar da ita da lambar 422, ya faɗi filin da ya karya doka, model ma ba zai gan ta ba. Ku lura har sunan filin yana ɗauke da kalmar sidi, domin wanda zai aiko ya san da me ake auna. Da an yi haka, safiyar da aka sabunta manhajar, wayoyin masu karɓar zubi za su cika da kuskure, kafin azahar an kira wani, kafin la'asar an gyara. Kuskure mai ƙara rahama ne. Mai shiru shi ke cin dukiya.

Amma kada ku ɗauka iyakar ta gama aiki. Mai zubin sidi 30 ta koma 3,000, kuma 3,000 bai kai 5,000 ba, za ta wuce salin alin da 200 ɗinta. Duk wanda zubinsa bai haura sidi 50 ba, zai zille ta wannan ƙofa. Shi ya sa nake ta nanata cewa ƙirga 500 da 422 kaɗai ba sa ido ba ne. Lambar 500 tana gaya maka shirinka ya fashe. Lambar 422 tana gaya maka an aiko da abin da ka hana. Babu lamba ko ɗaya a HTTP da ke cewa amsa ta fita amma ƙarya ce. Wannan kai za ka nemo ta da kanka.

Yadda ake nemanta ba ɓoyayye ba ne. Kowace buƙata ta shigo, ka rubuta layi ɗaya a rajista: lokaci, lambar buƙatar, wace sigar model ce ta amsa, lambobin da aka aiko, makin da ya fita, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Ban da suna, ban da lambar waya. Dokar Kare Bayanai ta 2012, Act 843, tana kanmu a ƙasar nan, kuma ko babu doka, sirrin aljihun mutane amana ne. Sannan kowane dare ƙaramin shiri ya karanta rajistar ranar ya fitar da abu biyu: zubi na tsakiya, da kason waɗanda aka amince musu. Ka ajiye su kusa da na lokacin horo, wato 150 da kuma 4 cikin 10. Idan na tsakiya ya ninka uku ko ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ko amincewa ta haura 6 cikin 10, saƙo ya shiga wayar mutum mai suna, wanda ya san shi ne zai tashi. A wannan lamarin na tsakiya ninki 100 ya yi a dare ɗaya. Makaho ma zai laluba ya ji.

Dalilin da ya sa dole ka sa ido a kan abin da ke shiga da abin da ke fita shi ne, gaskiya tana zuwa a makare. Bashin ƙungiyar na mako takwas ne. Ba za ka san ko model ya yi daidai a kan wata ba sai wa'adi ya cika, ta biya ko ta kasa. In ka zauna jiran wannan, ka riga ka raba bashin wata biyu a kan kuskure. Idan sakamakon ya zo, ka haɗa shi da lambar buƙatar da ka rubuta, a nan ne za ka san ainihin makin model ɗinka a kasuwa. Amma kafin nan, lambobin nan biyu su ne idonka.

Kada wanda ya ce mini babu kuɗin Prometheus da Grafana, manhajojin sa ido a kan sabar. Na farko, kyauta ake sauke su. Na biyu, ƙungiyar da buƙatunta ba su kai 300 a rana ba, fayil ɗin SQLite ɗaya na ajiye rajista da `cron` mai tayar da shirin kowane dare sun ishe ta. Ba kuɗi aka rasa ba. An ɗauka ranar da aka ɗora model a sabar, ranar aiki ya ƙare, aka yi hoto aka watse.

Ina son samarin nan, Allah ya sani. Yaran zango ne, wasu a gabana suka fara taɓa kwamfuta, kuma ina alfahari duk lokacin da na ga ɗan Asawase yana gina abin da iyayenmu za su amfana da shi. Amma matan da aka ba bashin da ya fi ƙarfinsu, su za a bi gida ana tambaya, su za su ji kunya a gaban 'yan uwansu na adashi, ba mu ba. Wata ta riga ta sayar da firjin da take sa ruwan leda don ta cika biya. Ita ba ta san menene API ba, an ce mata na'ura ta ce ta cancanta, ta yarda.

Af, tunda maganar sidi ake, akwai wani ramin da ke jiranku a gaba. Tun watan Yulin 2007 aka cire sifili huɗu daga kuɗinmu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabo ɗaya, amma har yau gwaggona in ta ce "miliyan ɗaya", sidi 100 take nufi, kuma ba ita kaɗai ba ce a Alabar. Yaron da aka haifa bayan canjin, ka ba shi waya ka tura shi ya tambayi tsohuwa nawa take zubi, ta ce masa "miliyan biyu", me kuke tsammanin zai danna? Na tambayi ɗaya daga cikin masu karɓar zubin shekaranjiya, ya ce shi dai abin da ya ji yake rubutawa.