Gyara biyu kacal, kuma malamar ta fi ku gaskiya

Tun jiya nake ganin hoton insha'in wata yarinya da malamarta ta duba yana yawo, kowa yana tofa albarkacin bakinsa. Wai malama ta yi lalaci, ta bar kurakurai birjik a shafi, ta rubuta yabo layi uku da gyara biyu ta tafi abinta. Sannunku da aiki, manyan sufetoci. Rabin masu zaginta sun rubuta "ta na da lalaci", sun raba "tana" gida biyu, kuskuren da ita yarinyar ma sau ɗaya ta yi shi.

Ku koma ku buɗe hoton da kyau ku karanta abin da malamar ta rubuta. Ba ta ce "da kyau" ko "ƙara ƙoƙari" ba. Cewa ta yi: "Farkonki ya kama ni. Kin fara da ƙarar da kika ji cikin dare, kin bar ni ina son sanin abin da ya faɗi. Inda kika ce hannunki yana rawa har ashana ta ƙi kamawa ya nuna mini tsoronki ba tare da kin ambaci tsoro ba." Daga nan ta zo kan gyara. Na farko, sakin layi na biyu jimla ɗaya ce mai layi tara, an ɗaure ta da "sai" har sau bakwai: ta sa wa biyun farko aya da hannunta, ta ce yarinyar ta nemo sauran wuraren da ya kamata a tsaya. Na biyu, ƙarshen labarin ya zo a guje, layi ɗaya tak, don haka ta ce a ƙara jimla uku ko huɗu da za su faɗi abin da aka tarar da gari ya waye. A can ƙasa ta ce akwai 'yan kurakuran ƙa'idar rubutu, za su zo kansu a aiki na gaba.

Wannan kuke kira lalaci? Wallahi bin shafi da jan biro ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba ya buƙatar tunani, ido kawai yake so: ga ƙugiyar "ƙ" da aka manta, ga waƙafi da ya ɓata, ja layi, zagaye, sa maki, ɗauko littafi na gaba. Mai zaɓen gyara biyu kuwa dole ya karanta insha'in sau biyu. Karatun farko biro yana ajiye, yana bin labarin kamar kowane mai karatu, yana lura da inda ya ji daɗi da inda ya ɓace. A karatu na biyu ne yake tara kurakuran gida-gida. A nan za ka gane kurakurai talatin da ke shafi galibi iri huɗu ne ko biyar suke ta maimaita kansu. Yaron da bai san inda jimla take ƙarewa ba zai rasa aya sau goma sha biyu, amma matsala ɗaya ce. Idan ka zagaye duk sha biyun ka ba shi rauni sha biyu, magani ko ɗaya babu.

Yadda ake zaɓen ma ba a ka ake yi ba. Ana ɗaukar ɗaya daga ginin rubutun, wato jerin al'amura, rabon sakin layi, farko ko ƙarshe, sannan ɗaya daga cikin jimla, wanda ya fi yawan dawowa kuma ya fi hana mai karatu fahimta. Dubi abin da malamar nan ta yi: ƙarshen labari da aya. Ta bar ƙugiya da rabewar kalma saboda ko da su ana gane abin da yarinyar take nufi, amma jimla mai layi tara sai numfashi ya ƙare ba a kai ƙarshenta ba. Akwai sharaɗi na uku da mutane ke mantawa: gyaran ya zama wanda ɗalibin zai iya yi da kansa cikin minti goma zuwa sha biyar. "Ki inganta salonki" ba aiki ba ne, addu'a ce. "Ki ƙara jimla uku kan abin da kuka tarar da safe" aiki ne, za ta iya ɗaukar biro ta fara yanzu.

Masu cewa yarinyar za ta ɗauka sauran kurakuran daidai ne, ai an gaya mata suna nan, layin yana ƙasan shafi, ku ne ba ku kai can ba. Masu cewa "mu da jan biro aka koya mana kuma ga mu", na ga rubutunku, mu bar maganar.

Wani kuma ya ce yabon ɓata yaro ne. Akwai yabon da yake ɓatawa, wannan gaskiya ne: "kina da basira", "haziƙa". Irin wannan yana magana ne a kan yarinyar, bai gaya mata abin da ta yi ba balle ta sake yinsa. Yabon malamar nan ya ɗauko jimlarta ta ashana ya ce ga abin da ta yi wa mai karatu. Yara da yawa ba su san wane wuri ne mai kyau a rubutunsu ba. Idan ba a nuna musu ba, wajen gyara sai su goge shi su bar tarkacen. Abin da kawai za a kiyaye shi ne kalmar "amma". Da zarar ka rubuta yabo ka bi shi da "amma", yaro ya san yabon share fage ne, sai ya zubar da shi. Malamar ta raba su, yabo a sakin layinsa, gyara da lamba 1 da 2.

Kun kuma lura babu maki a shafin? Wasu har da wannan suka zarge ta. A 1988 wata mai bincike kan ilimi, Ruth Butler, ta gwada abin a kan 'yan makaranta: wasu aka ba su maki kaɗai, wasu sharhi kaɗai, wasu duka biyun. Masu sharhi kaɗai ne aikinsu ya ƙaru. Waɗanda aka haɗa wa maki da sharhi ba su fi masu maki kaɗai ba, don ido yana sauka kan lamba, daga nan ya leƙa ta maƙwabci, sharhin kuwa ko oho.

Inda wannan hanya take lalacewa, tsakani da Allah, ba a yawan gyaran ba ne. Tana lalacewa ne idan aka mayar da littattafai ana saura minti biyu a tashi, kowa ya cusa nasa a jaka. Sharhin da ba a ba ɗalibi lokacin aiki da shi ba, malami ya rubuta wa kansa ne. Sai an ware farkon darasi, kowa ya buɗe nasa ya yi gyaran biyu a ƙarƙashin sharhin, malami yana zagayawa. Idan insha'i na gaba ya zo, abu na farko da za a duba shi ne waɗancan biyun. Sun gyaru, a faɗa masa, a ɗauko biyu na gaba. Idan kuwa ka sami kanka kana rubuta wa yaro ɗaya maganar aya karo na uku, to sharhi ya gaza, bai gane ba ne, sai a zauna da shi ya karanta jimlar da ƙarfi ya ji inda muryarsa take tsayawa. Da za ku tambayi malamar ko ta yi wannan, da kun yi tambaya mai ma'ana. Ko mutum ɗaya bai tambaya ba.

Af, wani abu da ya burge ni a hoton: rubutun hannunta ana karanta shi. Malamai, don Allah, yaron da kuke cewa ya gyara rubutunsa yana kai littafinsa wurin abokai uku su taya shi gano ko "sakin layi" kuka rubuta ko "sake lale". Masu rigimar a daina jan biro a koma kore kuma, ku fara rubuta abin da za a iya karantawa tukuna, launin mu yi maganarsa wata rana.