Kada takardar neman biya ta zama ɗan aikenka

Abin da ke damuna da wasunmu masu yi wa kamfanoni aiki a Kaduna shi ne mu shekara goma muna hulɗa da kamfani, amma ranar da za mu ƙara kuɗi sai dai su tsinci sabon farashi a takardar neman biya. Ƙarin ba shi ke ɓata musu rai ba, su ma sun san an janye tallafin mai a Mayun 2023, an saki naira a watan da ya biyo. Bazatar ce ke da ciwo.

Ka tuna da jami'in sayayya. Shi ma akwai na sama da shi, kuma kasafinsa na shekara an riga an sa masa hannu. Idan ka ce masa "komai ya yi tsada", me zai je ya faɗa wa manaja? Ka ba shi hujjar da zai kare kansa da ita.

A ce maɗaba'a gare ka, kana buga wa wani kamfani a Kakuri littafin rasit a kan naira 1,000. Takarda na cin 500, wuta da dizal 150, sauran tawada, albashi da riba. Takarda ta tashi zuwa 700 saboda da dala ake shigo da ita, wuta da dizal sun koma 300. Ƙarin da ya wajaba 350 ne. To ka taka da ƙafarka, a gaisa, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, na ga bai dace ku ji a takarda ba. Abu biyu ne suka tashi, ga rasit ɗin da na sayi takarda bara, ga na bana. Bayan ƙarshen wata mai zuwa littafi zai koma 1,350, amma duk odar da kuka riga kuka bayar tana nan a tsohon farashi." Ba sai ka buɗe masa ribarka ba. Washegari wasiƙa ta biyo da ranar fara aiki da farashin, kuma tazarar kada ta gaza wata guda.

Zai yi tayi, dole ne. A nan mutane ke ɓata lamarin: kunya ta sa su sauko zuwa 1,150 nan take, shi kuwa ya ɗauka dama can an yi masa cushe. Gara ka ba shi zaɓi, ko a raba ƙarin gida biyu a tsakanin wata uku, ko a koma takarda mai giram 70 maimakon 80 da saninsa. Rage inganci a ɓoye kuwa ha'inci ne, kuma zai gane.

Idan ya yi ta ja-in-ja da kai, yana son a ci gaba. Wanda ya ce "ba komai" ya yi shiru, oda ta ragu, mai yiwuwa yana tambayar farashi a wani wurin. Shi za ka koma wa cikin makon nan.