Iyaye, a riƙa rubuta wa hedimasta takarda mana

Wai me ya sa in yaro ya kwanta da ciwon maƙogwaro sai dai a aika yayansa da baki, "ka ce wa malam ba shi da lafiya"? Saƙon nan rabinsa a hanya yake zubewa, malamin aji yana ta sa masa fashi a rajista, a yi gwaji ba shi, ƙarshen zango kuma uba ya zo yana faɗa. Ni a ganina layi shida a takarda ya fi wannan duka.

Kuma kumburin tansil ba mura ba ne da za a ce ya daure ya tafi. Ku haska maƙogwaron da tocilan ku gani, ƙululu biyun nan na gefe sun yi jajur sun kumbura, wani lokacin har da farin abu kamar mugunya a kansu, ga zazzaɓi, ko koko da ƙyar yake haɗiya. Ba hakin wuya ba ne, don Allah a bar wanzami ya huta.

Ga irin abin da nake nufi:

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ɗana wane, ɗan aji huɗu, bai samu zuwa ba tun Litinin saboda kumburin tansil da zazzaɓi. Mun ga likita ranar Talata, ya ɗora shi kan magani na kwana 10, ya ce ya huta. In Allah ya yarda zai dawo Litinin mai zuwa. Ina roƙon a ɗauke masa shara da wasan guje-guje na 'yan kwanaki, kuma a ba shi damar yin gwajin da ya wuce shi. Ga katin asibiti na haɗo. Na gode.

Sai suna, sa hannu, kwanan wata da lambar waya, shi ke nan. Ba sai an cika shafi da gaisuwar iyali ba.

Inda aka fi tafka kuskure ranar dawowa ce. Wasu na ganin tunda magani na kwana 10 ne to hutun ma kwana 10 ne, a'a. Galibi in zazzaɓi ya sauka, yana cin abinci, kuma ya yi cikakken kwana ɗaya a kan antibayotik ɗin, haɗarin ya shafa wa 'yan ajinsu ya ragu sosai, zai iya komawa yana ƙarasa maganin. Amma fa ya ƙarasa, domin irin na bakteriya in aka yi masa rabi da rabi yana iya jawo ciwon gaɓoɓi har ya taɓa zuciya. Shi kuwa na bairos antibayotik ba ya masa komai, likita ne zai bambance, ba mai kemis ba.

In ranar da kuka rubuta ta zo yaro bai warware ba, a sake aika wata takardar da sabuwar rana. In kuwa ya kai ga yawu na dalala, baki ba ya buɗuwa ko numfashi na sarƙewa, a ajiye biro a nufi asibiti, hedimasta ya ji daga baya.