Harshen da aka ƙirƙira: sai an tsufar da shi yake kama da na mutane

A fadojin matasan Yamai da Tawa, idan hira ta kai ga finafinan Game of Thrones ko Avatar, ba a rasa mai cewa yaren da ake yi a ciki surutu ne kawai, ɗan wasa ya murguɗa baki a rubuta fassara a ƙasa. A wasu finafinan haka ɗin ne. Amma ba a waɗannan ba. Dothraki da Valyrian na Game of Thrones, David Peterson ne ya gina su da nahawunsu cikakke, kuma ya samu aikin ne ta hanyar gasa a 2009. Na'vi na fim ɗin Avatar, wanda ya fito a 2009, aikin Paul Frommer ne. Klingon na Star Trek kuwa Marc Okrand ya tsara shi don fim ɗin 1984, ƙamusunsa ya fito a 1985.

Ra'ayina shi ne, yawan kalmomi ba shi ke sa ƙirƙirarren harshe ya yi daɗi ba. Kowa zai iya zama da alƙalami ya ƙago kalma dubu cikin mako ɗaya. Abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne tarihi: gwani yakan fara gina tsohon harshe, sannan ya bi shi da dokokin sauyin sauti ɗaya bayan ɗaya, kamar shekaru dubu sun wuce a kansa. Abin da ya fito daga ƙarshe shi ne ake sa wa ɗan wasa a baki.

Mu Hausawan Ader ba ma buƙatar dogon bayani a nan, don abin yana bakinmu. Mutumin Tawa ya ce zamna, Bakano ya ce zauna. Mu ce sabka, amre, abduga, su ce sauka, aure, auduga. Ba kalma-kalma aka bi aka canza ba. Doka ce guda: a Hausar gabas, b ko m da ya zo a ƙarshen gaɓa a irin waɗannan kalmomi ya narke ya koma u, a yamma kuma ya tsaya yadda yake. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana wannan tun a shekarun 1920. Akwai ɓangaren dokar da ya ci mu duka, gabas da yamma: k na ƙarshen gaɓa. Shi ya sa muke da talaka amma talauci. A talaka, k yana da wasali a bayansa sai ya tsira, a talauci ya faɗo ƙarshen gaɓa sai ya narke. Yaro mai koyon Hausa zai ga kamar rashin tsari ne, alhali tsohon tsari ne ya bar sawunsa.

Wannan sawun shi masu ƙirƙirar harshe suke nema. J. R. R. Tolkien, wanda littafinsa The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955, malamin tarihin harsuna ne tun kafin ya zama marubucin labari. Harsunansa biyu da suka fi shahara, Quenya da Sindarin na aljanun littafin, daga uwa ɗaya ya fitar da su. Tsohuwar kalmar bishiya galada ce. A Quenya g na farko ya faɗi, wasalin tsakiya ya bi shi, aka samu alda. A Sindarin wasalin ƙarshe ne ya faɗi, d ya yi laushi, aka samu galadh, inda dh ke fita kamar zalun na Larabci. Tsohon sautin kw ya tsaya a Quenya, a Sindarin ya koma p, don haka “kalma” take quetta a ɗaya, peth a ɗayan. Wanda ya san dokokin zai iya duban kalmar Quenya ya yi hasashen ƴar'uwarta ta Sindarin, kamar yadda Ba'adare ke jin “auduga” ya gane abdugarsa.

Bari a gwada aikin da hannu, da ɗan ƙaramin misali da kowa zai iya maimaitawa a takarda.

Da farko a zaɓi sautuka, kuma a taƙaita. A ce baƙaƙe goma: b, d, g, t, k, m, n, s, r, h. Wasula uku: a, i, u. Kowace gaɓa baƙi ne da wasali, babu baƙi biyu a jere. Tilo yana ƙarewa da a, jam'i da i. Doki gaka, dawaki gaki. Takobi nabata, takubba nabati. Harshe ne mai tsabta, mai sauƙi, kuma babu ɗanɗano ko kaɗan.

Yanzu masu harshen su rabu, wasu su hau dutse, wasu su sauka bakin kogi. Mutanen dutse a ba su dokoki uku. Ta ɗaya, k ya koma c a gaban i, irin abin da t ke yi a Hausa a mota da motoci. Ta biyu, i na ƙarshe ya ja a ɗin da ke gaɓar da ta gabace shi ya koma e. Ta uku, wasalin ƙarshe ya faɗi. Masu wannan sana'a suna rubuta su a taƙaice kamar haka, inda layin ƙasa ke nuna gurbin sautin, C kowane baƙi, V kowane wasali, Ø faɗuwar sautin, # kuma ƙarshen kalma:

```
k > c / _i
a > e / _Ci#
V > Ø / _#
```

A bi gaki: ta koma gaci, ta koma geci, ta ƙare a gec. Gaka kuwa dokokin farko biyu ba su taɓa ta ba, sai ta uku, ta zama gak. Ke nan doki gak, dawaki gec. Takobi nabat, takubba nabet. Ɗafin jam'i ya ɓace gaba ɗaya, amma jam'in bai ɓace ba, ya shige cikin kalmar. Wanda ya tarar da gak da gec bai san tarihin ba zai rantse harshen wata al'umma ce ta gaske. Haka jam'in Sindarin ya samu: adan mutum, edain mutane, amon tudu, emyn tuddai. Tsohon i ne na ƙarshe ya canza wasulan sannan ya tafi abinsa.

Mutanen kogi kuma dokoki biyu sun ishe su: wasalin tsakiya ya faɗi a kalma mai gaɓa uku, sannan b na ƙarshen gaɓa ya koma u. Nabata ta zama nabta, ta zama nauta. Ga nabat a dutse, ga nauta a kogi, ƴan uwa ne amma sai mai kunne zai gane.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne jerin dokokin. A ɗauki dokar dutse ta uku a sa ta farko. Wasalin ƙarshe ya faɗi tun kafin i ya yi aikinsa, gaka da gaki duk sun koma gak, doki ɗaya da garke guda ba bambanci. Hanyar gane wannan ita ce, bayan kowace doka a jera tilo da jam'i gefe da gefe, haka ma sigogin aikatau, a duba waɗanda suka haɗe. Haɗewar kalma biyu ko uku ba laifi ba ne, kowane harshe yana da su. Amma idan jam'i gaba ɗaya ya rushe, ko dai a gyara jerin, ko a yi abin da mutane ke yi da kansu, wato su jawo wata kalma kamar “duka” ko “tari” su riƙa liƙa ta har ta zama sabon ɗafi.

Ɓarna ta biyu ita ce zaɓe. Mai harshe ya ga wata kalma ta yi masa kyau a tsohuwar sigarta, sai ya hana doka ta taɓa ta. Doka ba ta san kyau ba, duk kalmar da ta cika sharaɗi sai ta bi ta kanta. Hanya mai tsabta ta samun togiya ita ce aro: kalmar da ta shigo bayan doka ta gama aikinta ba ruwanta da ita. Idan mutanen dutse suka sayi takobin kogi daga baya, za su kira shi nauta da wasalinsa na ƙarshe, ga kuma nabat tasu ta gado. Kalmar kaɗai ta ba da labarin ciniki tsakanin ƙabilun biyu, marubuci bai ce komai ba. Da hannu ana iya bin saiwoyi ɗari biyu ko uku da dokoki goma zuwa ashirin. Idan abin ya wuce haka, akwai manhajoji irin su Lexurgy da ake zuba wa kalmomi da dokoki su fitar da sakamako.

Sauran kurakuran sanannu ne: a ɗauki Faransanci ko Hausa a canza wa kowace kalma riga a bar nahawun yadda yake, ko a cika rubutu da alamomin da ba sa wakiltar kowane sauti don dai ya yi kama da baƙon abu. Klingon ya kauce wa na farkon da gangan, ya sa karɓau a gaba, aikatau a tsakiya, mai aikatawa a ƙarshe, tsarin da ba kasafai ake samunsa a harsunan duniya ba.

To me ya sa mutum mai hankalinsa zai zauna ya koyi harshen da babu kasuwar da ake ciniki da shi? Wasu don son labarin ne kawai, su haddace gaisuwa biyar su tsaya. Waɗanda suke daɗewa, abin da ke riƙe su shi ne wancan sawun. Ɗauki valar morghulis na Game of Thrones. Littafin da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa ya ba da jimlar da ma'anarta kawai, cewa duk mutane masu mutuwa ne. Peterson ya gina nahawun da zai haifar da ita: vala mutum ɗaya, vali mutane, valun ƴan kaɗan, valar dukkansu a dunƙule. Mai koyo da ya gano cewa wannan r ɗin ne ke ɗauke da “duka”, ya samu irin daɗin wanda ya warware kacici-kacici, kuma zai iya gwada shi a kan wasu sunaye. Valyrian ya shiga manhajar koyon harsuna ta Duolingo a 2017, Klingon a 2018, Klingon kuma yana da cibiyarsa tun 1992 da taron shekara-shekara.

Wani zai ce, ga Zabarmanci a bakin ƙofa, ga Tamajak da Fulatanci, me ya kai ka harshen aljanun littafi? Maganarsa tana da ƙarfi, kuma in don amfani ne, shi ke da gaskiya. Sai dai ƙirƙirarren harshe ƙarami ne, ana iya ganin iyakarsa, kuma dokokinsa a rubuce suke. Wanda ya bi gaki har ta zama gec ya koyi yadda ake duban harshe, gobe in ya ji tahi da tafi ba zai ce wani ne bai iya Hausa ba. Mu ma muna da ɗan rinjaye a wani wuri: sautin da Na'vi ke rubutawa kx, wanda ke wahalar da Turawa, ƙ ɗinmu ne na ƙasa da ƙarfe.

Mai son farawa ya san bambanci guda kafin ya zaɓa. Tolkien ya rasu a 1973, ya bar takardu masu saɓa wa juna don ya yi ta canza ra'ayi har ƙarshen rayuwarsa, kuma Sindarin yana da giɓi mai yawa. Yawancin jimlolin da ke yawo a intanet da sunan Sindarin cike-giɓi ne na masoya, har maganganun finafinan The Lord of the Rings na 2001 zuwa 2003 David Salo ne ya harhaɗa su daga abin da aka samu. Don haka duk kalmar da aka ba ka, tambayi ko ta Tolkien ce ko ta wani ce ya gina. Na'vi da Klingon kuwa, masu koyonsu sun saba miƙa buƙatar sababbin kalmomi ga Frommer da Okrand kai tsaye, abin da suka amince da shi ne ke shiga ƙamus.