Minti 5 a gaban aji: nasiha ga ƙannena masu fargabar tsayuwa

Assalamu alaikum, ƙannena ɗalibai. Akwai wata ɗabi'a da nake gani a wajenku wadda take damuna. Malam zai ba ɗalibi batu, ya ce mako mai zuwa ka fito ka yi wa aji bayani na minti 5. Sai ɗalibin ya kwashe kwana 6 yana zullumi, a daren na bakwai ya buɗe waya ya kwafo shafi 4 daga intanet. Da safe ya tsaya gaban allo, ya kifa kai a takarda, yana karatu da muryar da ko na layin gaba ba ya ji. Wani ma ranar zai ƙirƙiro ciwon kai ya ƙi zuwa. In aikin rukuni ne, ya laɓe bayan wanda ya fi baki. Daga baya ka ji yana cewa ai shi haka Allah ya yi shi, ba ya iya magana a cikin mutane.

Ni ban yarda da wannan uzurin ba. Yawancin waɗanda na ga sun daburce a gaban aji, rubutu suka shirya, ba su shirya magana ba. Bakinsu bai taɓa furta jawabin ko sau ɗaya ba kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in ba ku labarin 'yar yayata, wadda ke shekarar farko a wata makarantar koyon aikin lafiya. An ba ta batun ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa, minti 5, kuma da Turanci. Ta zo mini saura kwana 4, riƙe da shafi 4 cike taf. Na ce ta miƙe ta karanta, na kunna agogon waya. Sai da ta ci minti 13. A ciki har da tarihin cutar kwalara da sunayen ƙwayoyin cuta da ita kanta ba ta iya furtawa.

Lissafin da ya kamata ta fara yi mai sauƙi ne. Mai magana a natse, yadda na bayan aji zai fahimta, yana furta kalmomi wajen 120 zuwa 130 a minti ɗaya. Minti 5 ke nan bai wuce kalmomi 600 da 'yan kai ba, kusan shafi ɗaya da rabi. Duk abin da ya haura haka, ko dai ka yi ta sauri kamar ana korarka, ko malam ya katse ka kafin ka kai ga muhimmin abin. Kuma kada ka cika mintunan taf. Ka nufi minti 4 da rabi, domin rubutu a allo da ɗaga abu a nuna wa mutane duk suna cin lokaci.

Sai na karɓe takardun, na ce: "Ga ƙanwarki nan. Yi mata bayanin da Hausa, kamar ɗanta ne yake gudawa a cikin dare." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta fara. Ta ce abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa a jikinsa. Ta faɗi yadda ake haɗin, ta faɗi lokacin da dole a bar gida a tafi asibiti. Cikin minti 3 ta gama, babu in'ina. Na ce mata jawabinki ke nan, saura ki mayar da shi Turanci.

Ku riƙe wannan gwajin da kyau, domin da yawanku kuna ɗora laifi a kan Turanci. Abin da ka kasa bayyana wa ƙaninka da Hausa, ba ka fahimce shi ba tukuna, kuma manyan kalmomi ba za su rufa maka asiri ba. In ka fahimta, gajerun jimloli sun ishe ka. Malami ya fi son ƙaramin Turancin da ya fito daga kanka a kan dogon da ka kwafo kana tuntuɓe a cikinsa, kuma wallahi daga jimlar farko yake gane wanda aka kwafo.

Ga yadda muka raba lokacinta. Daƙiƙa 30 na farko ta yi sallama, ta faɗi sunanta da batun, ta jefa wa aji tambaya: wa ya taɓa ganin yaron da gudawa ta sa idonsa ya faɗa? Minti ɗaya ta yi bayanin yadda ruwa da gishiri ke fita daga jiki. Minti ɗaya da rabi ta nuna haɗin: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. Minti ɗaya ta kawo alamomin haɗari: yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi, ko a ga jini a bayan gida, ko a ja fatar ciki ta daɗe ba ta koma ba. Daƙiƙa 30 na ƙarshe ta maimaita ma'aunin, ta yi godiya. Tarihin kwalara kuwa muka cire shi gaba ɗaya. Ta ji zafin cirewar don ta sha wahalar nemo shi, amma ajin ba ya bukatarsa.

Daga nan sai batun abin da za a riƙe a hannu. Kada ku haddace jawabi kalma bayan kalma. Na san mun tashi da hadda, muna kuma alfahari da ita, sai dai haddar da aka yi cikin kwana biyu ba ta da saiwa. Kalma ɗaya ta kuɓuce, sauran duk su bi ta, ka tsaya kana kallon rufi. Abin da za ka haddace sosai shi ne jimloli biyu na buɗewa da ɗaya ta rufewa, domin a farkon ne fargaba ta fi ƙarfi, kuma mai fargaba yakan rasa yadda zai sauka, sai ya ƙare da "shi ke nan" ya ruga kujerarsa. Sauran jawabin ka rubuta kanun maganar kawai a ɗan kati mai kauri, kamar girman tafin hannu, da manyan baƙaƙe. Nata katin layi 5 ne, tare da lambobin ma'auni. Dalilin kati shi ne, falle ɗaya na takarda yana karkarwa tare da hannunka har na baya ya gani, kai ma ka gani ka ƙara rikicewa. Kwali ba ya tona asiri haka.

Wurin da kuka fi yin sakaci shi ne gwaji. Karanta jawabi a zuci kana kwance a katifa ba gwaji ba ne. Gwaji shi ne ka miƙe tsaye, ka ɗaga murya, agogo na tafiya. Ita sau 6 ta yi cikin kwana 3. Biyun farko ita kaɗai a ɗaki. Na uku ta ɗauki muryarta a waya ta saurara, nan ta ji tana haɗiye ƙarshen jimloli, kuma wata kalma ɗaya tana sarƙe mata harshe kullum, sai muka musanya ta da mai sauƙi. Sauran ukun a tsakar gida ta yi su, mahaifiyarta na zaune can bakin madafa. Sharaɗin shi ne duk lokacin da murya ba ta kai ba, mahaifiyar ta ɗaga hannu. A karon farko sau 4 ta ɗaga. A na ƙarshe ba ta ɗaga ba.

To, duk da wannan shirin, ranar zuciya za ta buga, maƙogwaro zai bushe, tafin hannu zai yi gumi. Kada ka ɗauka alamar faɗuwa ce. Jiki ne yake sakin sinadarin da ke shirya mutum idan ya hango haɗari, kuma yawanci abin yakan lafa bayan ka yi nisa kaɗan da magana. Abin da kake ji a ƙirjinka ma, mafi yawansa na kujera ba sa ganinsa. Ka ci wani abu da safe, ka kurɓi ruwa kafin a kira ka. Kana zaune ka ja numfashi ta hanci a hankali, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, kamar sau 4 ko 5. Ka karanta addu'ar da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi da aka aike shi wurin Fir'auna, wadda ke cikin Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, inda ya roƙi Ubangiji ya buɗa masa ƙirji, ya sauƙaƙa masa al'amari, ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa.

In ka fito, kada ka fara magana kana tafiya. Ka isa, ka dasa ƙafa biyu, ka dubi ajin, sannan ka yi sallama. Kuma don Allah ku daina buɗewa da ban haƙuri, wai "ban shirya sosai ba" ko "Turancina ba shi da kyau". Kai da kanka ka nuna wa malam inda zai rage maka maki. Ka zaɓi fuska uku, ɗaya dama, ɗaya tsakiya, ɗaya hagu can baya, ka riƙa kai ido gare su bi da bi. 'Yan mata masu kunyar haɗa ido, ku dubi saitin goshi ko saman kawunan layin baya, amma kada ku dubi ƙasa, domin murya tana bin inda fuska ta nufa. In kana rubutu a allo ka yi shiru, ka juyo sannan ka ci gaba. In kuma ka shirya hotuna a kwamfuta, ka tabbata za ka iya yin jawabin ba su, tunda kun san halin wuta.

Ku kuma masu zama a baya kuna ƙus-ƙus da dariya in ɗan'uwanku ya yi tuntuɓen harshe, ku ji tsoron Allah. Na san ɗaliban da dariyar rana ɗaya ta rufe musu baki har suka gama makaranta.

Ranar tata, 'yar yayata ta tafi da gorar ruwa mai cin lita 1 da ƙaramin cokali. Ta ce da ta kai wajen alamomin haɗari kanta ya ɗauke, ta manta ta uku. Ta yi shiru, ta duba kati, ta ci gaba. Shirun da ta ji kamar minti guda ne, ƙawarta ta ce ko lura ba ta yi ba. Da aka zo tambayoyi, wani ya ce in babu ruwan roba fa, da wane za a haɗa? Ta maimaita tambayar da ƙarfi don kowa ya ji, ta kuma samu sararin tunani, sannan ta ce a tafasa ruwan a bar shi ya huce. Malam ya tambaye ta kwana nawa ake ba yaro ƙwayar zinki tare da haɗin. Ba ta sani ba, kuma ba ta yi kame-kame ba. Ta ce: "Malam, ban binciko wannan ba, amma zan duba in kawo amsa." Da daddare ta duba littafinta, washegari ta same shi bayan darasi ta ce kwana 10 zuwa 14 ne.