Don girman Allah ku riƙa saka lambar rasit in za ku turo kuɗi

Wallahi abin nan ya ishe ni. Ni ke riƙe da littafin bashi a wani shagon taki da maganin feshi nan gefen Gujungu, duk wanda ya ɗauki kaya sai mun yanka masa rasit mai lamba, kuma baki da baki muke gaya masa, in za ka yi taransifa ka rubuta wannan lambar a gurin da aka sa Narration. Lambobi huɗu ne fa kacal. Amma sai mutum ya rubuta "kudin taki", wani ya sa "payment", wani ya bar gurin fayau. To kuɗin takin wa? Mu da ba abin da muke sayarwa sai taki!

Ga abin da ya same ni bayan kasuwar Lahadi. Mutum uku kowa ya ɗauki buhu 10 a kan 38,000, wato kowa ana bin sa 380,000, rasit 0471 da 0472 da 0475. Da yamma alat huɗu suka shigo. Na farko 380,000 cif amma sunan shagon wani mai POS ne a kai, don kwastoman tsabar kuɗi ya miƙa masa shi kuma ya turo daga nasa asusun. Na biyu 379,500 ba rubutun komai, ashe mai POS ɗin ne ya zare cajinsa daga cikin kuɗinmu maimakon ya karɓa daban. Sai 200,000 da 180,000, ɗaya da sunan namiji ɗaya da sunan mace, sai da na haɗa su na ga sun tashi 380,000 sannan na gane mutum ɗaya ne ya turo wani kaso daga asusunsa, ragowar daga na maiɗakinsa. Kuɗi dai sun shigo, amma wanne ne na 0471 wanne ne na 0475? Adadin ba zai gaya maka ba tunda bashin duk iri ɗaya ne.

Sunan ma ba ya fid da kai. Mu a littafi da laƙabi muka san mutum, irin su Ɗanladi ko Babangida ko sunan ƙauyensu, banki kuwa sunan da ke kan BVN yake nunawa, sunan yanka da ko maƙwabcinsa bai sani ba. Ga Muhammad ɗaya ana rubuta shi Mohd, Muhd, Mohammed, ka bincika da ɗaya a sitetimen sauran su ɓace maka. Alat na tes kuma yana datse rubutu in ya yi tsawo, wanda ya fara da gaisuwa ya ajiye lambar a ƙarshe, lambar ce ke guntulewa.

Ni ba na canka. Duk kuɗin da ban tabbatar da mai shi ba shafi daban nake kai shi, da rana da lokaci da adadi, ba na goge bashin kowa da shi. Sai in kira mutum in ce ya turo min hoton rasit ɗin taransifar, in duba Session ID, lambar nan mai tsawo guda 30 da ke fitowa in kuɗi sun tashi daga wani banki zuwa wani, in gwada da ta sitetimen ɗinmu. In sun dace sai in rubuta shidan ƙarshe a gefen rasit ɗinsa. Dalili kuwa, hoton rasit guda yana iya zagayawa a waya, mutum biyu da ake bin su 380,000 kowa ya nuna maka shi, kuma da sunan mai POS a kai ba yadda za ka ce ba nasa ba ne. In ka ga shidan nan sun maimaitu a littafi to kuɗi ɗaya ne ake son biyan bashi biyu da shi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kiran dattijo. Mutumin kirki, ya biya tun Lahadi, ka kira shi Laraba kana cewa Baba har yanzu sunanka na cikin bashi, ya ce yaro ni za ka mayar maci amana? Kuma yana da gaskiyar jin haushi, ya biya, sai dai kuɗinsa na kwance a shafin da ba suna. Alhaji mai shagon kuma da daddare ya tambaye ni nawa ya rage a waje in kasa ba shi amsa ɗaya.

Ku masu POS da ku nake musamman, don yawancin mutanenmu ba su ne ke danna wayar ba, ku ne. Ku tambayi mutum lambar rasit, ku sa ta a farko kamar haka, 0472 sannan sunansa, cajinku kuma ku karɓa a hannu ku turo mana kuɗinmu cif. Ɗari biyar ɗin 0475 har yanzu tana rubuce a littafina, mai rasit ɗin ya ce ya biya, mai POS ya ce haƙƙinsa ya ɗauka.