Wasiƙar neman aiki ce, ba ta neman zakka ba

Waɗanda suka cika min akwatin saƙo tun jiya da na soki wasiƙar neman aikin wani yaro na unguwar Aboabo a Kumasi, wai na ci masa fuska, ku yi haƙuri, ban janye ko kalma ɗaya ba. Ban kama sunansa ba, kuma shi da kansa ya kawo min takardar ya ce, "Kawu, duba min kafin in tura." Na duba. Mutum ya yi shekara 4 yana karatun akanta a jami'ar KNUST, ya gama bautar ƙasa, yana neman banki ya ɗauke shi cikin sababbin ma'aikatan da za a horar, amma a wasiƙar tasa babu lamba ko ɗaya in ban da ta wayarsa. Akanta fa!

To me ke ciki? Ƙanƙan da kai, sai roƙon a taimaka a duba shi da idon rahama, sai cewa shi mai ƙwazo ne mai gaskiya. Madalla. Kun taɓa ganin wanda ya rubuta wa banki cewa shi malalaci ne mai ɗan hali? Kowa abin da yake rubutawa ke nan, daga ɗan jami'ar Legon har na jami'ar Cape Coast, kuma mai tace takardun nan ba zai tsaya neman abin da ba a nuna masa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, yaron yana da abin faɗa. Na tambaye shi me ya yi a kamfanin sarin kayan da ya yi bautar ƙasa a Adum. Ya ce shi ke daidaita littafin kuɗin kamfanin da takardar bayanin banki duk ƙarshen wata. Wani wata lissafi ya ƙi haɗuwa da sidi 450. Ya cire cakin da aka bayar ba a kai ga karɓa ba, ya shigar da cajin da banki ya yanka, bambancin na nan. Sai ya raba 450 da 9, ya ga ta rabu ba saura, ya tuna abin da aka koya musu, cewa wannan yakan nuna an juya lambobi biyu wajen rubutu. Ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya har ya tarar an shigar da 1,270 a inda ya kamata a sa 1,720. Na ce, "Ɗana, me ya hana ka rubuta wannan?" Wai yana jin kunya kada a ce yana yabon kansa.

Kunya adon mutum ce, a gida haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ina son ta. Amma mai karanta wasiƙar bai san gidanku ba. Abin da ke gabansa kawai ya sani. Jimla uku sun isa: na riƙe daidaita asusu na tsawon shekarar bautar ƙasa, na gano kuskuren sidi 450 ta hanya kaza, da Excel nake aikin. Ka ƙara cewa ka ci matakin farko na jarrabawar ICAG ta ƙwararrun akantocin Ghana, tunda ka ci, ka faɗi lokacin da za ka zauna na biyu. Sannan ka ce wani abu game da bankin da kake nema wanda ba za a iya ɗauka a liƙa wa wani banki ba. Shafi ɗaya, shi ke nan. Ba a ce ka kwafe takardar tarihin karatunka ba, tana maƙale a baya.

Masu cewa ai duk banza ne, sai kana da hanya, na ji ku. Akwai hanya, ba yau aka fara ba. To wanda ba shi da kawu a babban ofis a Accra, me ya rage masa in ba takardar ba? Ita kaɗai ce a hannunsa, kuma ita ce kuke ce masa kada ya wahalar da kansa a kanta. Mai cewa kuma ana ganin sunan ɗan zango ake ture takarda, wannan maganar wata rana ce, kuma ko gaskiya ce ba ta zama dalilin tura wasiƙar roƙo ba.

Ban ma faɗa muku ba jiya, a sakin layi na ƙarshe na wasiƙar yaron sunan wani banki daban ne, ya manta bai canza ba daga wadda ya tura a baya. Mutumin da zai zauna a kan kuɗin jama'a.

Af, ku masu shagunan buga takardu na bakin titin Asawase, don Allah ku daina sayar wa yaran nan tsohuwar wasiƙa ɗaya kuna canza suna kawai. Kuma ku riƙa mayar musu da ita PDF, jiya wata ta turo min tata a hoto, har da babban yatsanta a gefe.